Idan Suga Ya Faɗi Wa Dattijo Mai Shan Gilibenkilamaid: Yadda Ake Ganewa da Abin Yi

Akwai wata 'yar ƙwaya fara da ake bai wa masu ciwon suga tun shekaru da dama. Tana da araha, kusan kowane kemis yana da ita, kuma tana sauke suga sosai. Sunanta gilibenkilamaid. A jikin kwali za ku ga an rubuta Glibenclamide, ko Daonil, ko kuma Glyburide idan daga Amurka aka aiko da shi. Yawanci miligiram 5 ce kowace ƙwaya, akwai kuma ta 2.5. Wani lokaci ana haɗa shi da wani maganin suga mai suna metfomin a ƙwaya guda, kamar wadda ake kira Glucovance, sai mutum ya yi ta sha bai san akwai gilibenkilamaid a ciki ba. Kafin ku ci gaba da karatu, idan akwai tsoho ko tsohuwa mai ciwon suga a gidanku, ku ɗauko ledar magungunansa ku duba.

Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu guda ɗaya ne. Sugan da wannan magani ya kayar, ko an ɗaga shi yana sake faɗuwa. Dattijo zai farfaɗo, ya yi magana, har ya yi dariya, iyali su ce an gode Allah, kowa ya watse, cikin dare kuma abin ya dawo fiye da na farko. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Dalilin da ya sa yake yin haka

A bayan tumbi akwai wata gaɓa da ake kira fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin wanda ke kwashe suga daga jini ya shigar da shi cikin tsoka da hanta. A jikin mai lafiya, fankiriyas tana aiki ne da lura: an ci abinci ta saki insulin, suga ya sauka ta dakata. Gilibenkilamaid yana hana ta wannan lurar. Yana matsa mata ta yi ta sakin insulin, ba ruwansa da ko an ci tuwo ko ba a ci ba. Idan akwai abinci a ciki, lissafi ya daidaita. Idan babu, insulin ɗin zai ci gaba da kwashe ɗan sugan da ya rage a jini, kuma ya hana hanta sakin wanda ta ajiye.

Ƙwaya ɗaya tana iya kaiwa awa 24 tana aiki. Bayan hanta ta narka maganin, ragowarsa ma yana da ƙarfin sauke suga, kuma ƙoda ce ke fitar da wani kaso mai yawa na wannan ragowar ta fitsari. To ƙodar mai shekara saba'in ba kamar ta mai talatin ba ce, balle wadda ciwon suga da hawan jini suka daɗe suna ci. Sai maganin jiya ya tarar da na yau, na yau ya tarar da na gobe. Wannan ne ya sa a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita wani maganin suga mai suna gilikilazaid a jerin muhimman magungunanta, tare da bayanin cewa gilibenkilamaid bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Duk da haka har yau yana cikin ledar tsofaffi da yawa, wasu tun rubutun likita na shekara goma da suka wuce suke ta saye a kemis, ba wanda ya sake dubawa.

Tsofaffi kuwa dalilansu na ƙin cin abinci ba su ƙirguwa. Haƙora sun zube, nama da tuwon dawa sun gagara. Zazzaɓi ya ɗauke ɗanɗanon baki. An tafi jana'iza ko ɗaurin aure tun safe ba a dawo ba sai la'asar. Azumin Litinin da Alhamis wanda ba a faɗa wa kowa ba. Mantuwa. Wani lokaci kuma abincin ne babu a gidan, kunya ta hana faɗa. Amma magani ba ya wuce su, domin an ja musu kunne cewa kada su kuskura su yi fashi.

Mataki na farko: ku gane shi, domin a jikin tsoho yana ɓad da kama

Abin da aka saba faɗa shi ne rawar jiki, zufa, bugun zuciya da yunwa mai tsanani. Gaskiya ne, amma wannan ya fi bayyana a jikin matasa. Idan shekaru suka ja, waɗannan alamun gargaɗi suna raguwa, sai ƙwaƙwalwa ta fara nuna ƙishin suga kafin jiki ya yi ƙara. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, abin da jini ya kawo mata a wannan minti shi take ci.

Don haka abin da za ku gani sauyin hali ne. Baba mai haƙuri ya hau faɗa ba dalili. Inna tana magana harshe na harɗewa, ko ta maimaita tambaya ɗaya sau biyar. Ya tashi zai yi alwala ya yi tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu. Ta zauna ta zuba wa bango ido, ana kira ba ta amsawa da wuri. Barci a lokacin da ba na barci ba, wanda tashinsa ke da wuya. Wani har hannu da ƙafa na gefe ɗaya su saki, baki ya karkace, kowa ya rantse shanyewar ɓarin jiki ce. Idan abin ya yi nisa sai jijjiga kamar farfaɗiya, sai suma.

Ku taɓa goshinsa da wuyansa. Fata mai sanyi da danshi, riga ta jiƙe alhali ana hunturu, wannan babbar alama ce. Na dare kuma ana gane shi da safe: zanen gado a jiƙe, mugun mafarki ko sambatu, ciwon kai, da tashi a gajiye cikin ruɗewa.

A nan ne gidaje da yawa ke ɓata lokaci. Wani ya ce rikicin tsufa ne. Wata ta ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Wani kuma, wanda ya fi kowa haɗari, ya ce ai sugan ne ya hau, a ƙara masa magani. Ba na hana kowa addu'a, amma a yi ta ana ɗura sukari. Ƙa'idar da nake bai wa iyalai ita ce: duk mai shan gilibenkilamaid da halinsa ya sauya farat ɗaya, suga ne ya faɗi har sai gwaji ya nuna ba haka ba.

Ƙarin abin lura ga masu hawan jini: magunguna irin su atenolol da furofuranolol suna danne bugun zuciya da rawar jiki, sai ya zama zufa ce kaɗai ke rage wa mai lura.

Mataki na biyu: ku gwada, idan na'ura tana kusa

A wanke yatsa da ruwa a tsane shi tukuna. Wanda ya taɓa dabino ko lemo, ragowar zaƙin da ke yatsarsa zai sa na'ura ta nuna lamba mai kyau ta ƙarya. A soki gefen yatsa, a ɗiga jinin.

Ƙasa da 70 mg/dL suga ya faɗi, a fara magani nan take. Ƙasa da 54 abin ya yi tsanani. Idan na'urarku da mmol/L take lissafi, lambobin su ne 3.9 da 3.0. A Nijar da sauran wuraren da ake aiki da Faransanci sau da yawa ana rubuta g/L, wato 0,70 da 0,54. Ku san wanne naku ke nunawa tun yau, domin na ga wanda ya ga 3.2 ya tsaya yana tunanin ko na'urar ce ta lalace. Idan ta rubuta LO, sugan ya yi ƙasan da ba ta iya aunawa.

Idan babu na'ura, ko tsinken gwajin ya ƙare, kada a tura yaro kemis a zauna jira. A ba da sukari. Idan ashe sugan sama yake, cokali huɗu ba za su yi wata ɓarna ta a zo a gani ba. Idan kuwa ƙasa yake aka jinkirta, ƙwaƙwalwa ce ke biya.

Mataki na uku: idan yana farke kuma yana iya haɗiya

A zaunar da shi, a tallafe shi. A fara da kurɓi ɗaya a ga ya wuce ba tare da ƙwarewa ko tari ba. Abin da ake nema giram 15 zuwa 20 ne na zaƙi mai saurin shiga jini. A ma'aunin gida, wannan shi ne cokalin shayi huɗu na sukari a rabin kofin ruwa, ko sukari mai ƙwaya guda uku zuwa huɗu, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin ƙaramar kwalbar lemo mai zaƙi. Garin gulukos da ake sayarwa a gwangwani ko kwali ya fi duka sauri, babban cokali ɗaya da ɗan ƙari a ruwa. Ɗaya daga ciki za a zaɓa, ba duka ba.

Ku duba kwalbar lemon. A gidan mai ciwon suga sau da yawa wanda ke cikin firji shi ne marar sukari, mai rubutun Zero ko Diet, kuma wannan daidai yake da ruwa. Madara, cakulan, gyaɗa, ƙosai da fura ba su dace da wannan minti ba, domin maiƙo yana jinkirta shigar suga cikin jini. Lokacinsu yana zuwa. Dabino yana taimakawa idan shi kaɗai ne a hannu, amma ga wanda ba shi da haƙora kuma hankalinsa a ruɗe, ruwan sukari ya fi sauƙi da aminci.

Sai a duba agogo a jira minti 15, a sake gwaji. Idan har yanzu bai kai 70 ba, a maimaita daidai wancan adadin. Idan an yi sau uku bai tashi ba, ba aikin gida ba ne kuma, a nemi mota ana ci gaba da ba shi yana kurɓa a hanya.

Da zarar ya haura 70 kuma hankali ya dawo, sai abinci na gaske mai riƙe ciki: tuwo, shinkafa da wake, burodi da shayi mai madara, fura da nono, kunun gyaɗa mai kauri, duk wanda zai karɓa. Ruwan sukari kamar kara ne a murhu, yana kamawa da sauri ya mutu da sauri. Abincin shi ne icen.

Mataki na huɗu: idan ya suma, ko yana jijjiga, ko ba ya iya haɗiya

Kada a ɗura masa komai a baki. Ba ruwan sukari, ba lemo, ba rubutu. Abin da aka ɗura wa wanda ba ya haɗiya huhu yake tafiya, kuma tsofaffi da yawa sun tsira daga faɗuwar suga sun kwanta da ciwon huhu saboda wannan. A kwantar da shi a kan gefensa, a ɗan ɗaga haɓarsa don numfashi ya wuce, a cire haƙoran roba idan suna motsi. Idan yana jijjiga, a kawar da abin da zai buge shi, kada a cusa cokali ko yatsa tsakanin haƙoransa.

A tafi asibiti mafi kusa da ke iya sa ƙarin ruwa, da duk abin hawan da aka samu, yana kwance a gefensa. Idan tafiyar da nisa kuma ba ya jijjiga, ana iya shafa ɗan zuma ko jiƙaƙƙen sukari kaɗan a cikin kumatun da ke ƙasa, shafawa kawai, ba zubawa ba. Abin da ke shiga jini ta nan kaɗan ne, don haka ba dalilin fasa tafiya ba ne ko na tsayawa a ga ko zai farka.

A ɗauki ledar magungunan gaba ɗaya, har da na gargajiya da wanda aka saya a kemis shekaranjiya. Da an isa, kalma ta farko ita ce: "Yana shan gilibenkilamaid, bai ci abinci ba, a duba sugansa." Wannan jimlar tana rage dogon bincike.

Abin da za a yi a asibiti, domin ku san abin da kuke kallo

Za a sa masa kanula a ba shi ruwan gulukos ta jijiya. Wasu wuraren suna ba da mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, kamar mililita 150 zuwa 200 cikin kwata na awa. Wasu suna amfani da mai kashi 50, mililita 25 zuwa 50, a hankali kuma galibi a sirke shi, domin yana da kauri, yana ƙona jijiya idan ya zube a ƙarƙashin fata. Sau da yawa cikin 'yan mintoci mutum zai buɗe ido ya tambayi inda yake. Abin kamar almara.

Daidai nan ne ake kuskure mafi girma, kuma ba iyali kaɗai ke yinsa ba. Gulukos ɗin da aka zuba a jijiya shi kansa yana zuga fankiriyas, wadda dama maganin ya riga ya matsa mata, ta ƙara sakin insulin. Bayan awa ɗaya ko biyu sai sugan ya sake nutsewa. Saboda haka ba a cire ruwan. Ana ɗora mai kashi 10 ya ci gaba da ɗiga, ana gwaji kowace awa ɗaya ko biyu, ana ba shi abinci da zarar ya iya ci. Kwana ɗaya shi ne mafi ƙarancin zama, kuma idan ƙoda ta yi rauni yana iya kaiwa kwana biyu ko uku. Idan wani ya ce muku ai ya farfaɗo ku tafi gida, ku tambaya cikin ladabi: "Likita, maganin da ya sha ba zai sake kayar da shi cikin dare ba?"

Idan sugan ya ƙi zama duk da ƙarin ruwa, akwai allurar okturiyotaid, maikurogiram 50 zuwa 100 a ƙarƙashin fata, ana maimaitawa bayan awa 6 zuwa 12. Aikinta shi ne ta hana fankiriyas sakin insulin, wato ta toshe matsalar daga tushe. A manyan asibitoci aka fi samunta. Allurar gulukagon kuma, wadda ake yawan ambata ga masu allurar insulin, ba ta da ƙarfi sosai a nan: tana dogara ne da sugan da hanta ta ajiye, wanda ya kwana biyu bai ci ba kuwa hantarsa fayau take, kuma ita ma tana iya zuga sakin insulin.

Ku roƙi a duba aikin ƙoda, a kuma nemi abin da ya hana shi cin abinci tun farko. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara da ciwon huhu suna yawan ɓoyewa a bayan irin wannan faɗuwa.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki wani dattijo mai shekara 74, yana shan miligiram 5 da safe, 5 da yamma, tare da metfomin. Kwana uku yana tari da zazzaɓi, ɗansa ya sayo masa maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna saftirin a kemis. Ranar Laraba da ƙarfe bakwai ya sha ƙwayarsa, ya kurɓi koko sau biyu ya ture, ƙosan ko taɓawa bai yi ba. Da rana aka kai masa shinkafa ya ce a rufe sai an jima.

Bayan azahar surukarsa ta same shi zaune a kan buzu, hula a ƙasa, yana kiran jikansa da sunan ƙaninsa da ya rasu tuntuni. Ta ce, "Baba, sannu, jikin ne?" Ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Ta lura rigarsa ta manne a baya. Ta gwada: 46.

Ta dama cokali huɗu na sukari, ta ce, "Baba, daure ka sha wannan." Ya sha da ƙyar. Bayan minti 15, 61. Ta sake damawa. Bayan wasu 15, 94. Ya dube ta ya ce, "Me ya faru kuka taru a kaina?" Ya ci lomar tuwo biyar da magariba ya ce ya ƙoshi. Sun yi dabara ɗaya mai kyau, ba su ba shi ƙwayar yamma ba. Sai suka ɗauka magana ta ƙare.

Ƙarfe biyu na dare ɗansa ya ji wani irin minshari da bai saba ji ba. Ya tashe shi, ido a buɗe amma ba magana. Na'ura ta nuna 38, awa goma sha tara bayan ƙwayar ƙarshe. A asibiti aka tarar ƙodarsa ta ja baya, ga rashin ruwa a jiki saboda zazzaɓi. Ya kwana biyu ana ƙarin ruwa kafin sugan ya tsaya da ƙafarsa.

Abubuwa huɗu ne suka haɗu a kansa: rashin ci, raunin ƙoda, ragowar ƙwayoyin kwanakin baya, da saftirin, wanda ke ƙara wa gilibenkilamaid ƙarfi. Surukar ta yi komai daidai a awa ta farko. Inda aka kauce shi ne da la'asar. Mai shekara 74, suga 46, ga ruɗewa, ga rashin lafiya, ga shi ba ya ci: wannan na asibiti ne tun da rana, ko da yana tafiya da ƙafarsa.

Wa zai iya zama a gida, kuma da wane sharaɗi

A ra'ayina, duk tsohon da gilibenkilamaid ya kayar wa suga ya kamata ma'aikacin lafiya ya gan shi a ranar. Amma akwai waɗanda ba a ma tattaunawa a kansu: wanda ya suma ko ya yi jijjiga, wanda sugansa ya sauka ƙasa da 54, wanda ya ruɗe har sai da wani ya taimaka masa, wanda abin ya maimaita, mai ciwon ƙoda, mai amai ko gudawa ko wanda ya kasa ci, wanda ake zaton ya sha ƙwaya fiye da ƙima, da wanda ke kwana shi kaɗai.

Haka kuma idan suga ya dawo daidai amma baki na nan a karkace, ko hannu bai dawo ba, ko magana ba ta fita. Hankali yana iya ɗaukar rabin awa ko fiye kafin ya gama washewa, amma raunin gefe ɗaya da ya ƙi tafiya bayan suga ya haura 100 sai a ɗauke shi a matsayin shanyewar ɓarin jiki, a yi gaggawa.

Idan faɗuwar mai sauƙi ce, shi da kansa ya ji alamar, ya ci abinci sosai, kuma akwai na'ura da mai kula, to ga sharuɗɗan zama. Kada ya sake shan gilibenkilamaid sai an yi magana da likita. A gwada kowace awa biyu, har cikin dare, a sa ƙararrawar waya. Ya ci wani abu kowace awa uku. Kafin ya kwanta ni ina so in ga lambar ta haura 120, in ba haka ba a ƙara masa kunu ko burodi. Wani ya kwana a ɗakin, da sukari da ruwa a kusa. Kada ku tsorata idan kun ga 180 ko 200 a wannan daren, ba shi ne abin tsoro ba yanzu. Idan ya sake sauka ƙasa da 70 ko sau ɗaya, a ba da sukari a kama hanya.

Bayan an tsallake: kada a koma gidan jiya

A koma wurin likita da tambaya kai tsaye: ko za a canza wannan maganin? Gilikilazaid ɗan gidansu ne amma bai kai shi kayar da suga ba, ko da yake shi ma yana iya yi idan ba a ci ba. Metfomin shi kaɗai da wuya ya kayar da suga, sai dai ba a ba mai raunin ƙoda sosai, kuma ana dakatar da shi lokacin amai da gudawa. Akwai irin su linagiliftin da sitagiliftin waɗanda suka fi aminci ta wannan fuska, matsalarsu tsada. Likita ne zai auna da aljihu da ƙoda. A kuma tambayi wace lamba ake nema, domin ba a matsa wa tsoho kamar yadda ake matsa wa matashi. A gwajin wata uku da ake rubutawa HbA1c, ga dattijo mai wasu cututtuka ana yarda da kusan kashi 8. Tsohon da ke shan wannan ƙwaya kuma sugansa na safe kullum 80 ne ko 85, ba abin tafi ba ne, a bakin rami yake tafiya.

Idan dole aka ci gaba da shi kafin a samu canji, a sauya tsarin bayarwa. Abinci a gaba, a ga ya fara ci da gaske, sannan ƙwaya. Ranar da ba zai ci ba, ba ƙwaya, a gwada suga a sanar da likita. Wadda aka manta ba a rama ta. Mutum ɗaya ne zai riƙa bayarwa, domin a gidan da 'ya ta ba da ta safe, suruka ma ta ba da ta safe, kowa da kyakkyawar niyya, an ninka. Wanda idonsa ya yi rauni ko yake mantuwa kada a bar masa leda a ƙarƙashin matashi.

Duk lokacin da za a sayi wani magani, a faɗa wa mai bayarwa. Ban da saftirin, akwai sifurofulokzasin da danginsa, kilaritoromaisin, fulukonazol, da kwinin na zazzaɓi, duk suna iya jawo faɗuwar. Magungunan ciwon gwiwa irin su daikulofenak da aibufurofen, waɗanda tsofaffi ke sha kamar goro, suna raunana ƙoda sai maganin ya taru. Giya tana hana hanta sakin suga. Jiƙe-jiƙen "maganin suga" da ba a san abin da ke ciki ba, haɗa su da wannan ƙwaya caca ce.

Sai azumi. A je asibiti makonni kafin Ramadan, ba ana gobe ba, domin gilibenkilamaid na cikin magungunan da masana ke cewa a kauce musu ga mai azumi, musamman shan sa da sahur. Tsohon da ya taɓa suma saboda faɗuwar suga a watannin kusa yana cikin waɗanda ake ba shawarar kada su yi azumin, kuma addini ya ba marar lafiya da tsoho rangwame. Wanda ya ɗauka, ya riƙa gwaji da hantsi, da azahar da kuma la'asar, soka yatsa ba ya karya azumi. Idan ya ga ƙasa da 70, ko alamun suka zo, ya sha ruwan sukari a take, ko da saura minti goma a kira magariba. Azumin nafila ya fi ba ni tsoro, domin shi ba a sanarwa. Ku tambayi Inna da dare: "Inna, gobe Alhamis, za ki tashi da azumi ne?" Idan ta ce e, ƙwayar safe ba ta fita daga leda.

A ƙulla sukari mai ƙwaya guda huɗu a 'yar leda a sa a aljihun rigar Baba ko a bakin zanen Inna, wani ƙullin a gefen gado, wani a jakar zuwa masallaci ko unguwa. A haɗa da 'yar takarda mai sunan maganin da lambar wayar ɗansa, da rubutu babba: mai ciwon suga ne, idan ya ruɗe kuma yana iya haɗiya a ba shi sukari a kai shi asibiti. A duba ƙullin duk Juma'a, domin jikoki sun san inda yake.